Harajin Albashi a Ƙananan Masana'antu: Lissafi, Lokacin Biya da Ajiyar Takardu a Anka, Gummi da Bukkuyum

Harajin albashi, wanda ake rubutawa PAYE a takardun hukuma, haraji ne da doka ta ɗora wa ma'aikaci, amma alhakin cire shi da kai shi ga gwamnati yana kan mai biyan albashi. Saboda haka kuɗin da mai makaranta a Gummi, ko mai gidan mai a Anka, ko mai shagon magani a Bukkuyum ya yanke daga albashin ma'aikatansa amana ce a hannunsa, ba ya cikin jarinsa. Yawancin rigimar da ƙananan masu sana'a ke shiga da jami'an haraji daga nan take farawa: a cire kuɗin, a juya shi a kasuwa da niyyar biya daga baya, watanni su taru.

Wanda ake biya

Wannan haraji na jiha ne, kuma jihar da ma'aikaci yake zaune ita ke da shi. Ga mazauna Zamfara, ana biyan Hukumar Tattara Kuɗaɗen Shiga ta Jihar Zamfara mai hedikwata a Gusau. Ƙa'idar tana da tasiri a Gummi, wadda ke maƙwabtaka da jihohin Sakkwato da Kebbi. Idan malami yana koyarwa a Gummi amma gidansa na ƙaramar hukumar Kebbe, harajinsa na Sakkwato ne. Dole mai aiki ya yi rajista da hukumar jihar, ya karɓi lambar shaidar mai biyan haraji ta kowane ma'aikaci, ya kuma rubuta ainihin inda yake zaune.

Yadda ake lissafi

Sabuwar dokar haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yuni na 2025 ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026. A ƙarƙashinta, naira 800,000 na farko a kuɗin shigar shekara ba su da haraji. Naira miliyan 2.2 da ke biye ana cire musu kashi 15 cikin ɗari, miliyan 9 na gaba kashi 18, haka yake hawa har kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Ma'aikacin ƙaramar masana'anta ba kasafai yake wuce matakin kashi 15 ba. Wanda albashinsa bai wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, wato naira 70,000 a wata, an ɗauke masa harajin baki ɗaya.

Kafin a ɗora kason, sai an fitar da rangwame. Mafi yawan wanda ake gani shi ne gudummawar fansho ta ma'aikaci, da rangwamen haya, wanda yake kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayar shekara, iyakarsa naira 500,000. Dunƙulallen rangwamen da tsohuwar doka ke bai wa kowa an soke shi, don haka wanda ke amfani da jadawalin 2025 zai fitar da adadi na kuskure.

A ɗauki misalin makaranta mai zaman kanta a Gummi, inda shugaban malamai ke karɓar naira 120,000 a wata, a ƙaddara kuma duk albashin yana shiga lissafin fansho. A shekara ya kama naira 1,440,000. Fanshonsa kashi 8 cikin ɗari ne, wato 115,200. Yana biyan hayar gida 150,000 a shekara, rangwamensa 30,000 ke nan. Idan aka cire waɗannan biyu, saura 1,294,800. A fitar da 800,000 marasa haraji, saura 494,800. Kashi 15 na wannan shi ne 74,220 a shekara, wato naira 6,185 a wata. Abin da zai shiga hannunsa bayan fansho na 9,600 da haraji shi ne naira 104,215.

Malama mai naira 75,000 da ke zaune a gidan mijinta ba ta da rangwamen haya. Albashinta na shekara 900,000 ne, fansho 72,000, saura 828,000. Harajinta yana kan 28,000 kawai, wato naira 350 a wata. Kuɗin ba su da yawa, amma barin sunanta daga jadawali laifi ne. Haka nan alawus da kuɗin Sallah da aka bayar saboda aiki duk suna shiga lissafi.

Abin da mai aiki ke biya daga aljihunsa

Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai aiki kashi 10 cikin ɗari a kan kashi 8 na ma'aikaci, kuma hukumar PenCom tana aiwatar da tsarin kan wanda ke da ma'aikata uku zuwa sama. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 kuma ta wajabta kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashin wata ga asusun NSITF. A kan shugaban malaman nan, makaranta za ta ƙara 12,000 da 1,200. Albashin 120,000 ya zama ɗawainiyar 133,200, kuma da wannan adadi ya kamata a yi kasafi.

Lokutan biya

Fansho ne ya fi gaggawa: kaso biyun sai sun isa cikin kwanakin aiki bakwai daga ranar da aka biya albashi, kuma jinkiri yana jawo tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari a wata ba. Harajin albashi kuwa wa'adinsa ranar 10 ga watan da ke biye, wato na Maris ya shiga kafin 10 ga Afrilu ta wuce. Sannan zuwa 31 ga Janairu, mai aiki zai miƙa bayanin shekarar da ta gabata, da sunan kowane ma'aikaci, abin da aka biya shi da abin da aka cire.

Wanda bai cire harajin ba, tararsa kashi 40 cikin ɗari na abin da ya kamata ya cire. Wanda ya cire bai miƙa ba zai biya kuɗin, da tarar kashi 10 a shekara, da kuɗin ruwa bisa ma'aunin Babban Bankin Najeriya. A yankin da tafiya Gusau ke buƙatar lura da yanayin hanya, sabis kuma kan ɗauke, mafi aminci shi ne a tura haraji da fansho ranar da aka biya albashi.

Takardun da ake ajiyewa

Doka ta nemi a riƙe takardu aƙalla shekara shida. Na farko shi ne jadawalin albashi na kowane wata, mai nuna albashi, alawus, fansho, haraji da abin da ya rage, tare da sa hannu ko dangwalen wanda aka biya kuɗi hannu. Na biyu shi ne rasidin hukumar haraji, a liƙe da jerin sunayen da aka biya dominsu. Takardar POS ba ta wadatar, domin tana nuna fitar kuɗi ne kawai, kuma rubutunta kan goge cikin 'yan watanni. Na uku shi ne shaidar rangwame, kamar yarjejeniyar haya da rasidin mai gida, domin rangwamen da ba shi da takarda jami'in bincike zai iya soke shi. Na huɗu shi ne takardun ɗaukar aiki da na sallama, masu tabbatar da watan da haraji ya fara da wanda ya tsaya.

Rufe layukan sadarwa da aka yi a Zamfara a watan Satumba na 2021 ya nuna haɗarin dogaro da waya kaɗai, don haka kowace takarda tana buƙatar kwafi a fayil da hoto a waya. A ƙarshen kowane wata a gwada adadi uku: jimillar harajin da ke jadawali, adadin da ke rasidi, da abin da ya fita daga banki. Idan suka saɓa, akwai kuskure. Kuskuren da aka bari yakan fito ne ranar da ma'aikaci ya nemi takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku, aka duba ba a ga kuɗin da aka yanke masa a ƙarƙashin sunansa ba.