Kashi na 14: Saƙon farko ga mai sayen da bai san ka ba

Yau labarin ɗan kawuna zan ba ku, kuma da izininsa. Yana da ɗan shago a Dawanau, wake yake saye lokacin kaka ya ajiye. Bara ya samu lambobin wasu manyan 'yan kasuwa na Techiman da Kumasi a ƙasar Ghana, inda ake cin wake sosai. Waakye ɗin nan nasu ma daga kalmar wake sunan ya fito. Sai ya tura wa mutum goma sha biyar saƙo iri ɗaya ta WhatsApp: yana da kowane irin hatsi, ko nawa ake so, farashi mai rahusa. Ko mutum ɗaya bai amsa ba.

Da ya nuna min na ce masa, Yaya, ni ma da ba zan amsa ba. Ka sa kanka a matsayin mutumin. Baƙuwar lamba ce mai +234, babu wanda ya haɗa ku, kuma mai ita ya ce yana da komai. Abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne damfara.

Muka zauna muka sake rubutawa, wannan karon ga mutum ɗaya, wani Alhaji a Techiman da wani direba ya tabbatar mana wake yake sara. Bayan sallama, ga abin da muka ce: "Ranka ya daɗe Alhaji, sunana wane, daga kasuwar Dawanau a Kano. Wajen direba wane na samu lambarka. Ina da farin wake mai manyan ƙwaya, noman bana, buhu 60, kowanne kilo 100. A buhun PICS yake, ba a sa masa magani ba. Farashin buhu naira kaza a shagona, ban da kuɗin mota, kuma zai tsaya haka har Juma'a. In ka yarda in aiko maka samfur na kilo 2, kuɗin aike a kaina."

Ku lura da kilo ɗin nan. Buhu ba awo ba ne, kwano ma haka. Abin da muke kira buhu a Kano ba lalle shi ne buhun Techiman ba, to in ba ka faɗi nauyi ba, ba zai iya kwatanta farashinka da na wanda yake kawo masa daga Nijar ko Burkina Faso ba. Haka ma inda za a miƙa kayan. Farashi a Dawanau daban, farashi a ƙofar sitonsa daban, tsakaninsu akwai mota da lodi da iyakoki.

A kan buhu 60 muka fi yin musu. Shi so yake ya rubuta tirela guda, wai don a ɗauke shi da daraja. Tirela mai tan 30 buhu 300 ke nan. Na ce to in Alhajin ya ce ka loda, ina za ka samo sauran 240? Za ka bi kasuwa kana tsinto wake iri-iri, wani sabo, wani tsoho, wani ƙwari sun huda shi. Ranar da aka buɗe buhunan aka ga ba su yi daidai da samfur ba, an gama da kai.

Maganar magani kuma ba ado ba ce. Tun 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda maganin ƙwari da aka samu a ciki fiye da kima. Masu saye sun san labarin, shi ya sa gara ka riga su faɗa.

Bayan kwana uku Alhaji ya amso da saƙon murya, da Hausarsa ta zango. Bai ce zai saya ba. Cewa ya yi a buɗe buhu daga ƙasan jeri, ba na sama ba, a ɗauka a bidiyo, a ambaci sunansa da ranar. Daga nan ya ce farashin ya yi tsada, ya kuma tambayi wa zai yi takardu. Ɗan kawuna ya ji haushi, ni kuwa a nan hankalina ya kwanta. Wanda ya kamata ka ji tsoro shi ne wanda ya amince nan take ba ciniki, sannan ya ce ka turo kuɗin rajista kafin ya biya.

A kan takardun muka tsaya cak. Fitar da kaya ta hanyar doka yana buƙatar rajista da NEPC, da fom ɗin NXP ta banki, da shaidar lafiyar tsirrai daga NAQS. Ɗan kawuna ba shi da ko ɗaya, kuma ya faɗa masa gaskiya. Aka daidaita cewa wakilin Alhaji a Kano zai zo ya duba, ya auna, ya biya a nan, fitarwa kuma tasu ce. Buhu 20 ya ɗauka, ya ce sauran sai ya ga yadda waɗannan suka isa.