Awa 11 Tsakanin Tashi Daga Aiki da Komawa



A Rigasa, da yawanmu kan koyar a boko da safe, mu shiga Islamiyya da yamma har dare. Malamin da ya tashi ƙarfe 10 na dare, ya duba takardun jarrabawa zuwa 12, sannan ya farka sallar Asuba ƙarfe 5, barcin awa 5 kacal ya samu, alhali baligi na buƙatar aƙalla awa 7.

Hankali ne ke fara biyan wannan bashi. Ido na gani, amma hannu ya rubuta 46 a gurbin 64, yaron da ya ci jarrabawa ya tashi a faɗaɗɗe. A kan hanya kuwa, gyangyaɗin daƙiƙa 3 bisa babur mai gudun kilomita 40 a awa tafiyar mita 33 ce ido rufe. Alamarsa ita ce maimaita karanta layi ɗaya.

Dokar Tarayyar Turai ta 2003 ta tanadi hutun awa 11 a jere kowace rana, wanda zai ɗauki tafiya gida, abinci da barci. Mu nemi a tsara jadawalinmu bisa wannan ma'auni, kuma mu bar shigar da maki sai da rana.