Hoton Fasfo da na Biza: Abin da Ake Gyarawa da Abin da Ba a Taɓawa

 

An ba ni 'yan mintoci, kuma zan kashe su ne a kan abin da ya fi yawan dawo mini da takardu a teburina, wato hoto. Yawancinku idan an kama tafiya Gwanzu ko Dubai, hankali yana kan kuɗin jirgi da takardar gayyata. Hoto kuwa sai a aiki yaro ya karɓo. To shi ne kan fara tsayar da mutum.

Bari in ba ku labarin wata Hajiyarmu mai harkar atamfa da leshi, ba sai na kama suna ba, ta ba ni izini. Tana neman bizar Sin. Ta je wajen mai hoto, ya ɗauke ta, sannan ya zauna gaban kwamfuta ya yi mata abin da ya saba yi wa amare. Ya haskaka fatar, ya goge ƙurajen goshi, ya ɗan matse kumatu, sannan ya share zanen gadon da ke kuncinta don a ganinsa ya yi mata gata. Hoton ya yi kyau, ni ma na shaida. Amma da aka kai takardun, ma'aikacin ya ɗora shi kusa da hoton da ke cikin fasfonta. A fasfo ga zane nan ɓaro-ɓaro, a sabon hoton kuwa kunci sumul. Aka maido takardun aka ce a sake. Kafin a sake hoto a sami wata ranar, mako biyu sun tafi, abokan tafiyarta sun tashi sun bar ta, ta kuma biya kuɗin canja tikiti.

Me ya sa suke da tsanani haka? Fasfon da muke riƙewa yanzu yana da ɗan guntun maɓoyin bayanai a cikinsa, shi ne ma'anar ƙaramar alamar nan da ke ƙasan bangon gaba. A ciki akwai hotonka na ranar da aka ɗauke ka a ofishin fasfo. Hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, ICAO, ita ta tsara ƙa'idar da ƙasashe ke bi a kan wannan. Idan ka isa filin jirgi ka tsaya gaban kyamara, na'ura ce ke gwada fuskarka da wancan hoton da kuma na bizarka. Na'urar ba ruwanta da kyau ko muni. Fasali take dubawa: tazarar da ke tsakanin idanu, faɗin hanci, zaman baki, tsarin haɓa da muƙamuƙi. Mai hoto in ya matse kumatu ko ya ƙara girman ido, waɗannan ya taɓa. Ga kuma jami'in da ke zaune, shi idonsa yana kan tabo da zane da tawadar Allah, domin su ne suke raba ka da ƙanenka da kuke kama.

Akwai dalili na biyu da mutane ba su cika sani ba. Masu damfara sukan ɗauki hoton mutum biyu su cakuɗa su a kwamfuta ya zama fuska ɗaya mai kama da kowannensu. In aka yi fasfo da ita, sai mutum biyu su riƙa tafiya da takarda ɗaya. Saboda wannan ne ƙasar Jamus, daga watan Mayu na 2025, ta koma tsarin da ake ɗaukar hoton fasfo a ofis ko mai hoton da aka amince da shi ya aika kai tsaye. Jami'in da ya ga alamar an taɓa hoto ba shi da hanyar sanin ko kwalliya ce kawai ko damfara. Abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya ƙi karɓa.

Kada wani ya ce ai shi da waya ya ɗauka, bai gyara komai ba. Wayoyi da yawa suna zuwa da gyaran fuska a kunne, musamman kyamarar gaba, su sulluɓe fata ba tare da ka sa su ba. A shiga a kashe shi, a yi amfani da kyamarar baya. Yadda ake gane hoton da aka taɓa: a buɗa shi ya yi girma. In fatar ta yi santsi kamar roba, ba ko ɗigon tabo, an taɓa. In gefen kunne ko bakin mayafi ya yi kaifi kamar an yanka da almakashi, to bangon baya aka canja, shi ma wannan ana ƙin sa.

To mene ne ya halatta? Duk abin da ya shafi girman hoton ne, ba fuskar da ke ciki ba. Ana iya datse gefe don kai ya zauna a tsakiya, ana iya rage girmansa ko nauyinsa don ya shiga fam ɗin intanet. Kowace ƙasa da awonta: Sin milimita 33 da 48, ƙasashen Turai masu bizar Shengen 35 da 45, Amurka 51 da 51. Abin lura a nan, in hoton bai dace da awon ba, kada a ja shi ta gefe ɗaya don ya cika wurin. Jan nan yana tsawaita fuska ko ya faɗaɗa ta, kun ga an koma gidan jiya. A datse, ko a rage tsawo da faɗi tare.

Sauran matsaloli kuwa a gaban kyamara ake gyara su, kafin a danna. Mu masu duhun fata, farin bango yakan ruɗi kyamara fuska ta fito baƙi ƙirin. Maganinsa haske ne daga gaba, kamar a fuskanci taga, a kuma ɗan matso daga jikin bangon don kada inuwa ta faɗa a kansa. Maiƙon goshi a share da hankici. Ido ya fito ja saboda walƙiyar kyamara, a sake ɗauka, kada a shafa masa baƙi. Tabarau a cire, Amurka ma ta hana shi tun 2016 sai da dalilin likita. A rufe baki, a kalli kyamara sosai, kada a karkata kai.

Hajiyoyi suna yawan tambayata batun hijabi. An yarda da rufe kai saboda addini, da sharaɗin fuska ta fito tun daga goshi har ƙasan haɓa, kuma mayafin bai yi mata inuwa ba. Da farin bango gara a sa mai duhu, don a ga inda kai ya ƙare. Kwalli da hoda daidai yadda kika saba fita ba laifi, kwalliyar biki ce dai a bari.

Alhaji kuma da ya tsayar da gemu bayan ya yi fasfo, ko furfura ta fito masa, ba sai ya sake fasfo ba, kuma kada a ce wa mai hoto ya mayar da shi yadda yake a da. Hoton biza na yadda kake yau ake so, wanda bai wuce wata shida da ɗauka ba.

Ita Hajiyar tamu, da muka koma, na tsaya a kan mai hoton har ya buga shi yadda ya fito, datsewa kawai ya yi zuwa awon Sin. Ta duba ta ce ta tsufa a ciki, amma shi aka karɓa. Daga yanzu duk wanda zai kawo mini takardun biza, ya haɗo da fasfonsa da kuma ainihin hoton a waya kafin a taɓa shi, mu gwada su a ofis kafin a biya ko dala.