Take Ɗaya, Harshe Biyu: Jawabi a Zaman 'Yan Ƙungiya a Pazhou



Mun zaɓi haɗuwa a Pazhou ne domin nan ne baje kolin Guangzhou, wanda aka fara tun 1957, yake tara mu sau biyu a shekara. Da yawa daga cikinmu kan yi tafinta a rumfunansa, saboda haka mun san yadda kalma guda kan rushe ciniki. Abin da ke gabanmu yau shi ne taken da za mu ɗora a kan wasiƙarmu zuwa Majalisar Tarayya game da 'yancin zaɓe ga mazauna ƙasashen waje. A watan Maris na 2022 majalisar ta yi watsi da ƙudurin da zai ba da wannan dama. Taken na wasiƙa ne da shafukan sada zumunta, ba na ɗagawa a titin ƙasar da muke baƙunta ba. Muna son ɗan majalisa mai karanta Turanci da dattijo mai sauraron rediyo a Kano su ji buƙata guda.

Bari mu fara da darasi daga gida. Yunƙurin #NotTooYoungToRun ya kai ga dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 31 ga Mayu, 2018, wadda ta rage shekarun takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na Majalisar Wakilai da majalisun jihohi kuma daga 30 zuwa 25. Kalmar ƙarshe ta wannan take tana ɗauke da ma'ana biyu a Turanci, gudu da takara. Bahaushe kuwa ba ya gudu zuwa kujera, tsayawa yake yi. Wanda ya bi kalma da kalma zai ce matasa ba su yi ƙanƙanta da gudu ba, mai saurare kuma ya tambaya, gudun me? Hausar da ta riƙe saƙon ita ce "Ƙuruciya ba ta hana takara". Babu kalmar da ta zauna a gurbin takwararta, amma buƙatar ta iso lafiya.

Darasi na biyu daga cikin Hausar kanta matsalar take. Taken #RenewedHope na zaɓen 2023 akan mayar da shi "Sabunta Fata". A baki, karin sauti yana bambanta fatan alheri da fatar jiki, sai dai rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti. A kan allo, "Sabunta Fata" zai iya zama tallar man shafawa. Nahawu yana da maganin wannan: fatan alheri namiji ne, fatar jiki mace ce. Idan aka rubuta "Sabon Fata", siffar ta toshe ɗaya ma'anar, domin ta jiki "sabuwar fata" za a ce. Take ba shi da jimlolin da za su kewaye shi su fayyace shi, don haka dole kalmominsa su tsare kansu.

To, ta yaya za mu gwada namu? Hanyar mai sauƙi ce. A rubuta Hausar ita kaɗai a takarda, a miƙa wa mutum uku da ba su ga Turancin ba, kuma ba su san batun ba. Zai fi kyau a samu ɗan kasuwa, da ɗalibi, da wanda za a karanta masa ya ji da kunne kawai. A yi wa kowannensu tambaya uku: wa ke magana, da wa yake magana, me yake so a yi? Sannan a yi wa Turancin haka da wasu mutum uku dabam. Idan amsoshin ɓangarorin biyu suka saɓa ko da a tambaya ɗaya, take biyu muke da su.

Mu ɗauki shawara ta farko, #OurVotesCount. Aikatau na ƙarshe yana nufin a ƙirga abu, yana kuma nufin abu ya yi tasiri. Hausa ba ta da kalma guda mai ɗaukar duka biyun, tilas mu zaɓa. Idan muka ce "A ƙirga ƙuri'unmu", amsar tambaya ta uku za ta kasance cewa mun riga mun jefa ƙuri'a, muna kukan maguɗi. Wannan ba ƙararmu ba ce. Mu ko layin ba a ba mu damar shiga ba.

Shawara ta biyu ta fito daga Hausa: "A ba mu ƙuri'a". Gajere ne, yana da daɗin faɗa, kuma idan aka juya shi zuwa Turanci ya yi daidai da neman 'yancin zaɓe. Amma ya faɗi a tambaya ta farko. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gangamin siyasa a Katsina ko Zariya ya san mai faɗin haka ɗan takara ne yana roƙon jama'a. Sai a ɗauka jam'iyya muka kafa a Guangzhou.

Shawara ta uku ita muke kawo muku: "Ko daga nesa, mu ma mu zaɓa", tare da #LetUsVoteFromAbroad. Mai magana a fili yake, wanda ke nesa da gida. Abin da yake so a fili yake, ya yi zaɓe. Nauyin taken yana kan "ma", domin ita ce ke nuna cewa wasu suna yin abin da aka hana mu. Idan aka cire ta, ya koma kira ga junanmu mu fita zaɓe. Kalmomin "nesa" da "zaɓa" kuma sun ƙare da sauti ɗaya, abin da ke sa take ya zauna a kunne.

Akwai giɓin da ya kamata mu sani kafin mu amince. Turancin ya ambaci ƙasar waje kai tsaye, alhali "nesa" ta fi faɗi, tana iya haɗawa da Basakkwacen da ya yi rajista a gida yake aiki a Legas. "Waje" za ta fi kusa, amma "ko daga waje" na iya zama bakin ƙofa. Ra'ayinmu shi ne a bar "nesa", a sa ƙaramin layi a ƙasa: "'Yancin zaɓe ga 'yan Najeriya mazauna ƙasashen waje". Hasarar da aka sani, aka kuma rufe ta, ta fi fassarar da ta dace kalma da kalma amma ba mai iya maimaita ta.

Saura maganar bugawa. Yawancin rubutun na'ura da maɗaba'un nan ke amfani da su ba a tsara su domin Hausa ba, sai ɓ da ɗ da ƙ su koma akwati fanko, ko a sauya su da b da d da k. A takenmu ɓ ɗaya ce, amma ƙaramin layin yana da "ƙasashen", kuma mun san "ƙasa" ba "kasa" ba ce. A aika aikin a matsayin PDF, a nemi samfur guda a duba da ido kafin a buga sauran.

An raba takardu uku a kowane tebur, kowacce da take ɗaya, babu Turanci. Muna roƙon iyayenmu 'yan kasuwa su fara amsa tambayoyin uku, domin kunnensu ya fi namu kusa da gida.