Kuɗin manhaja: a biya na shekara ko a riƙa biya wata-wata?

Ga rubutun shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda datarsu ba ta kai su saurara ba.

Wani ƙanena ne da ke Isa ya kira ni. Ya buɗe ɗan shagon kwamfuta, yana buga katin biki da fosta da takardun makaranta, irin sana'ar da nake yi a nan Sabon Birni. Ya ce, "Yaya, manhajar da nake zane da ita ta ce in na biya na shekara za a yi mini ragi. In biya?" Na ce masa kada ka taɓa komai tukuna, bari mu yi lissafi. To lissafin ne na kawo muku yau.

Mu fara da ragin kansa. Abin da aka fi gani shi ne, ka biya kuɗin wata 10 a ba ka wata 12. Misali Microsoft 365 na mutum ɗaya, a farashin Amurka na shekarar 2025, dala 9.99 ne a wata, dala 99.99 a shekara. Ka ga kenan wata biyu kyauta. Ni zan yi misali da naira, da lambobin da na zaɓa don su yi sauƙin bi. Mu ƙaddara manhaja tana da mataki biyu. Ƙaramin naira 5,000 a wata, ko 50,000 a shekara. Babban naira 12,000 a wata, ko 120,000 a shekara.

In ka biya ƙaramin wata-wata har shekara ta zagayo, 60,000 ka kashe. Mai biyan shekara ya kashe 50,000, ya tsira da 10,000. Wannan gaskiya ne, ba yaudara. Amma fa da sharaɗi: sai in ka yi aiki da ita fiye da wata 10. Raba kuɗin shekara da kuɗin wata, abin da ya fito shi ne iyakar. A nan 50,000 a raba da 5,000, ya ba da 10. Wanda ya yi aiki wata 10 cif, kunnen doki ne. Wanda ya yi wata 7 kaɗai, da wata-wata yake biya 35,000 zai kashe, wato biyan shekara ya ci masa 15,000 a banza.

To tambayar ita ce, a nan yankinmu wa zai iya rantsuwa zai yi aiki wata 11 ko 12 ba tsayawa? Ku tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, har da Sabon Birni da Isa. Ni ƴan makonni kafin nan na biya wata manhaja kuɗin shekara, ina murna na ci ragi. Aka ɗauke sabis, manhajar kuma ba ta buɗewa sai da intanet. Kwanaki suna tafiya, kuɗina yana ƙonewa, domin kamfani kwanan wata yake ƙirgawa, ba ruwansa da ko ka buɗe ko ba ka buɗe ba. Ban ga laifinsu ba, ni na sa hannu. Amma daga ranar na daina ƙirga shekarata wata 12. Nakan cire watan da damina ta ja mutane gona, da wanda hanya ta ƙi biyuwa, da wanda sabis ya yi tsiya.

Sai dai in faɗi gaskiya, mai biyan wata ma bai kuɓuta haka kawai ba. Kuɗin da kansa yake fita daga kati duk wata, kuma tsayar da shi sai da sabis. In an ɗauke layi, sai ka je inda ake samu ka tsayar, in ba haka ba cirewa za a ci gaba da yi muddin akwai kuɗi a asusun.

Yanzu mu zo kan inda mutane suka fi faɗawa, wato canza mataki. Yawancin kamfanonin nan, hawa sama ba wuya, ko yau ka so za a hau da kai. Saukowa ce aiki. In ka biya babban mataki na shekara, galibi ba za a mayar maka da canji ba, sai dai a ce saukowarka za ta fara aiki ranar da shekararka ta cika.

Ga yadda abin ya kasance a lissafin ƙanena. Aikinsa yana da lokaci. Bayan kaka, in an kai amfanin gona gida, bukukuwa suna yawa, katin biki ya yi ta shigowa. Wata uku ke nan da yake buƙatar babban mataki. Sauran wata tara ƙaramin ya ishe shi.

Hanya ta farko, wata-wata. Wata uku a babba, 36,000. Wata tara a ƙarami, 45,000. Jimla 81,000.

Hanya ta biyu, ya biya babban na shekara don ya huta. 120,000 ke nan. Ragin da aka yi masa alkawari ya koma ƙarin 39,000 a kan hanya ta farko, saboda ya sayi abin da ba ya buƙata har wata tara.

Hanya ta uku ita ce mai kama da dabara. Ya biya ƙaramin na shekara, 50,000, in aiki ya taso ya hau. Mu ce bayan wata uku ne aikin ya taso. Kamfani zai duba, saura wata tara a cikin kuɗinsa, darajarsu 37,500. Babban mataki na wata tara kuma, a farashin shekara, 90,000 ne. Sai a ce ya cika 52,500. Haɗa da 50,000 na farko, ya zama 102,500. Bukukuwa sun wuce bayan wata uku, shi kuwa yana nan maƙale a sama har wata shida, ba saukowa. Ya fi hanya ta farko tsada da 21,500. Wasu kamfanonin ma ba haka suke yi ba, ranar da ka hau sai su buɗe maka sabuwar shekara gaba ɗaya, su cire ragowar kuɗinka daga 120,000, ka cika 82,500 a take. Don haka kafin ka danna, duba kwanan watan da suka rubuta na biya na gaba. In ya matsa zuwa shekara guda daga yau, to sabon ɗauri ne.

Akwai kuma na uku da ba shekara ba, ba wata ba, kuma shi ya fi cizo. A allo za ka ga an rubuta `Annual, billed monthly`. Ma'anarsa ka ɗauki alkawarin shekara, amma ana karɓa wata-wata. Mutum ya ga kuɗi yana fita duk wata, sai ya zaci duk ranar da ya ga dama zai fita. Kamfanin Adobe, masu Photoshop, suna da irin wannan tsarin, kuma a ƙa'idarsu in ka fasa bayan kwana 14, za ka biya rabin abin da ya rage na shekarar. Har hukumar kula da ciniki ta Amurka ta kai su kotu a watan Yuni na 2024, tana zargin ba su fito da wannan sharaɗin fili ba. Mu gwada da naira: a ce 8,000 ne a wata, ka yi wata huɗu ka ce ka gaji. Saura wata takwas, 64,000, rabinsa 32,000. Kuɗin fita kawai ke nan. Haka in ka ga farashin wata mai sauƙi da manyan lambobi, a ƙasa da ƙananan baƙaƙe an sa `billed annually`, to kuɗin shekara za a zare gaba ɗaya lokaci guda.

Kada ku ce na tsani biyan shekara, yana da ranarsa. Babban amfaninsa ma ya wuce wata biyun nan, shi ne ɗaure farashi. A farkon Yunin 2023 dala a farashin gwamnati wajen naira 460 take. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,400. Wanda manhajarsa da dala ake biya, kuma ya biya shekara kafin tashin, ya sha. Mai biyan wata kuwa duk wata sai ya ga abin ya ƙaru, alhali kamfani bai ƙara ko sisi ba. Amma abin yana juyawa, don a Afrilun 2024 dalar ta sauko ƙasa da 1,200, wanda ya ɗaure a lokacin tsada shi ya ji a jika. Kamfani da kansa ma yana ƙari. A Janairun 2025 Microsoft ta ɗaga wancan farashin daga dala 69.99 zuwa 99.99 a shekara, kuma wanda ya riga ya biya bai ji ba sai da lokacin sabuntawarsa ya zo.

Sannan akwai manhajar da ko wata-wata kake biya ba ka da wata saukowa ta gaskiya. Ma'ajiya ita ce misali. Google na ba kowa gigabait 15 kyauta. In ka sayi ƙari ka zuba hotuna da ayyukan mutane har gigabait 80, ka daina biya, ka wuce iyaka ke nan: ba ka iya ɗora sabon abu, saƙon imel ma zai iya daina shiga. Irin wannan ba ta san damina ko rani ba, kayanka suna ciki ko shago na rufe. Tunda ba fita za ka yi ba, karɓi ragin shekara, in ba za ka taɓa jarin takarda da tawada ba.

Abin da muka tsayar da ƙanena shi ne, ma'ajiya ya biya ta shekara. Manhajar zane kuwa wata-wata, ya hau in bukukuwa sun taso, ya sauka kwana biyu kafin ranar cirewa ta gaba. Na ce ya samo littafi ya riƙa rubuta watan da ya yi aiki da ita da matakin da ya hau. In shekara ta cika ya ga wata 11 ko 12 a mataki ɗaya, to ya koma biyan shekara da hujja a hannu. Kuma duk wanda ya biya ta Play Store, ya shiga `Payments & subscriptions`, sannan `Subscriptions`, ya ga ranar da za a sake cire masa. In ka kashe sabuntawa a can, kwanakin da ka riga ka biya suna nan, ba a ƙwace su.

A nan za mu dakata. Wanda yake da manhajar da ta rikita shi, ya rubuto mana farashin wata da na shekara da yawan watannin da yake aiki da ita, mu yi lissafin tare a shiri na gaba. Allah ya ba mu zaman lafiya a yankinmu, ya sa albarka a sana'a. Sai mun sake haɗuwa.