Jawabin Rabin Minti a Kan Tumatirin Kwalba

Wani matashi manomin rani daga Kadawa ta Jihar Kano ya tsaya gaban masu zuba jari. Rabin minti kawai aka ba shi. Ga abin da ya ce:

"Salamu alaikum, iyayena. Daga watan Janairu zuwa Maris tumatir yakan yi yawa a wurinmu, har ya ruɓe a kwando. Da damina kuwa sai ya yi tsada. Ni nakan niƙa shi, in tace, in dafa har ya yi kauri, in ɗura a kwalba da zafinsa. Sannan in sake tafasa kwalaben a rufe. Wajen kilo 6 na ɗanye ke ba da kilo 1. Masu sayar da abinci ne masu sayena. Ina neman jarin injin niƙa, da kwalabe, da rajistar NAFDAC. Kashi ɗaya cikin uku na ribar naku ne. Na gode."

Sai wani dattijo ya ce, "Yaro, in tsutsar sharon ta cinye gonaki kamar a 2016 fa?"

Matashin ya ce, "Baba, a irin wannan shekara aiki zai ragu. Shi ya sa zan sayi tumatir daga ƙauyuka dabam-dabam."

Aka tambaye shi yadda ake gane wanda ya lalace. Ya ce in murfi ya kumbura, ko kumfa ta taso, zubarwa ake yi, ba a ko ɗanɗanawa.

Dattijon ya ce zai zo ya ga wurin aikin kafin ya ba da kuɗi.