Layin da ke Ƙarƙashin Zane

Yau maganarmu da ɗaliban aikin gona ce, na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da na Kwalejin Aikin Gona ta Wurno, musamman masu rubuta kundin kammala karatu a kan amfanin gona.

Mu ƙaddara kai ɗan Shinaka ne, ka yi gwajin albasa da rani a fadamar da ke shan ruwan madatsar Goronyo. Ka raba fangali kashi uku: wani babu taki, wani takin shanu, wani NPK, kowanne ka maimaita sau huɗu. Ka cire albasa, ka auna, ka fitar da zane mai sanduna uku. Sai ka rubuta a ƙasansa: "Zane na 3: Tasirin taki a kan albasa." Ɗan'uwa, wannan sunan darasi ne kawai. Malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya jarraba ku yana da tulin kundaye a gabansa, sau da yawa zanuka yake fara buɗewa, ga shi ba ka gaya masa abin da ka gano ba.

A ce fangalin da babu taki ya ba da tan 12 a hekta, na takin shanu 19, na NPK 20. To, rubuta haka: "Zane na 3: Takin shanu da NPK duk sun ɗaga amfanin albasa sama da fangalin da babu taki, amma ba su bambanta da juna ba. Shinaka, noman rani, tan a hekta, matsakaicin fangali huɗu."

Na san wani zai ce, ai 20 ta fi 19. A nan ɗalibai da yawa ke zamewa. Dubi ƙananan haruffan da lissafin LSD ya ɗora a kan sandunan. Idan sanduna biyu suna ɗauke da harafi iri ɗaya, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce abin da bambancin ƙasa ko na ban ruwa zai iya haifarwa ba, don haka ba ka da ikon cewa NPK ya fi. Haka kuma kada ka ƙara da cewa takin shanu ya riƙe laima, alhali ba ka auna laimar ba. Wannan sai a babin tattaunawa.

Ka kuma faɗi lokacin da ka yi awon, domin albasar da aka ciro yau ta fi nauyi a kan wadda ta sha iska. Buhu kuwa kada ya shigo a matsayin ma'auni, kowace kasuwa da irin cikarta.

Kafin ka kai wa malaminka, ka rufe zanen da tafin hannu, ka ba abokin karatunka ya karanta layin kaɗai, sannan ka tambaye shi wane taki ne ya yi abin kirki. In ya yi shiru, sake rubutawa.